Babi na Shida: Layin Haraji a Jikin Rasit

Darasi na ɗaya: Lambobi uku a ƙasan takarda

Kafin mu fara, kowa ya fito da allonsa da allinsa, wanda kuma ya zo da tsohon rasit daga gida, ko na kantin sari ko na wurin sayar da kayan gini, ya ajiye shi a gabansa. Rasit shi ne takardar da mai kanti yake ba ka bayan ka biya kuɗi, wasu a nan Damagaram suna ce mata faktir. Za mu karanta labari ne, mu tsaya, mu yi lissafi, mu koma labarin.

Akwai wani dattijo mai tebur a Kasuwar Dole, yana sayar da sabulu, da ashana, da batir, da allura da zare. Bai yi boko ba, amma lissafin dala yana kansa, ba ya kuskure. Yana da ƴa mai shekara goma sha shida wadda take zuwa aji irin wannan namu da yamma, har ta iya karanta lambobi masu sifiri uku da huɗu. Ran nan ƙafa ta hana shi fita, sai ya ƙirga jika ashirin da biyar ya ba ta, ya ce ta je kantin sari ta sayo kwali biyu na sabulu, ta kuma karɓo takarda.

Ta je, ta biya, malamin kanti ya danna na'urarsa, takarda ta fito, ya miƙa mata tare da canjin jika ɗaya da dala arba'in. Tana jiran ɗan dako ya ɗora kwalayen sai ta duba ƙasan takardar, ta ga layi uku kamar haka:

Total HT 20 000
TVA 19% 3 800
Total TTC 23 800

Ku kwafe waɗannan layuka uku a allonku, kowane layi a ƙarƙashin ɗan'uwansa, lambobin kuma su daidaita ta hannun dama, sifiri a ƙarƙashin sifiri. Ku lura da ɗan filin da aka bari tsakanin 20 da 000. Ba lamba biyu ba ne, lamba ɗaya ce, dubu ashirin. Filin nan an bar shi ne domin ido ya huta. Kuma takarda ba ta san dala ba, da sefa take magana. Jika ɗaya a takarda 1 000 ce, dala ɗaya kuwa 5 ce. Saboda haka 20 000 jika ashirin ce, 3 800 jika uku ce da dala ɗari da sittin, 23 800 kuma jika ashirin da uku ce da dala ɗari da sittin.

Yarinyar ta karanta lambobin daidai, amma gabanta ya faɗi. A ranta ta ce, sabulun jika ashirin ne, ga shi a rubuce, to wannan jika uku da ɗoriya da aka cusa a tsakiya ta mece ce? Ta ɗauka an ga yarinya ce an cuce ta, kuma ta san da wuya Baba ya yarda ba ita ta yi sakaci ba. Sai ta koma gaban malamin kanti, ta ɗan rusuna, ta ce: "Malam, don Allah ina da tambaya. Na ga kuɗin sabulu a sama, na ga abin da na biya a ƙasa. Na tsakiyar nan fa, kuɗin dako ne ko na takarda?"

Malamin ya yi murmushi ya ce: "Ƴata, ba na dako ba ne, ba kuma na takarda ba ne. Lanho ne na gwamnati. Kawo takardar in nuna miki."

Ya ɗora yatsa a kan layin farko. Haruffan nan biyu, H da T, ana karanta su ash, te, gajarta ce ta kalmomin Faransanci, ma'anarsu kuwa kuɗin kaya kafin a sa haraji. Ya gangara layi na biyu. Haruffa uku, T da V da A, ana karanta su te, ve, a, sunan harajin ke nan, harajin da ake ɗorawa a kan cinikin kaya. Lambar 19 mai ɗan zane a gefenta, wato %, tana nufin goma sha tara cikin ɗari. Ya gangara layi na uku. T da T da C, ana karanta su te, te, se, ma'anarsu kuɗin kaya tare da dukkan haraji a ciki.

Yanzu ga wurin da nake so ku buɗe kunne. Layi na uku ba sabon kuɗi ba ne. Layin farko da layi na biyu aka tara suka ba da na uku. Ku tara a allonku: 20 000 da 3 800. Kun sami 23 800. Abin da mai saye yake biya ke nan, layi na uku shi kaɗai. Harajin yana cikinsa, an riga an sa shi.

Na sha gani a aji, da zarar an ba mai koyo lambobi uku a jere, hannunsa sai ya tara su duka, domin haka muka saba yi a darasin tarawa. Wanda ya yi haka a nan zai sami 47 600, ya ce an ci shi ninki biyu. Wani kuma ya bar layin farko, ya tara na biyu da na uku, ya sami 27 600, ya biya harajin sau biyu a kansa. Duk kuskure ɗaya ne, kuma ba abin kunya ba ne, kusan kowa da shi yake farawa. Ku ja zane a ƙarƙashin layi na biyu, kamar yadda muke ja idan za mu tara. Abin da yake saman zanen su ne guda biyun da aka tara. Abin da yake ƙasan zanen shi ne amsa. Ba a tara amsa da abin da ya haife ta.

Mu maimaita da baki. Nawa ne kuɗin sabulu kafin haraji? 20 000. Nawa ne haraji? 3 800. Nawa yarinyar ta biya? 23 800. Za ta ƙara 3 800 a kan 23 800? A'a, yana ciki. Ku sake faɗa: yana ciki. Ga hanyar tabbatarwa kuma: ta ba da 25 000, aka ba ta canjin 1 200. Ku debe 1 200 daga 25 000, ku ga ko ba layi na uku za ku samu ba.

Darasi na biyu: Yadda 3 800 ta samu

Yarinyar ta gamsu cewa ba a ƙara mata kome bayan layi na uku ba, amma ta ce: "To Malam, wa ya yanke cewa jika uku da dala ɗari da sittin ne? Ku ne kuke sa abin da kuka ga dama?"

Ya ce mata ba su ba ne, doka ce ta yanke. A ƙasar Nijar, yawancin kaya harajinsu 19 ne cikin 100, ko a Zinder ka saya, ko a Maraɗi, ko a Yamai. Ma'ana, duk sefa 100 ta kuɗin kaya ana ɗora mata sefa 19. Duk jika ɗaya, wato 1 000, ana ɗora mata 190. Ga masu lissafin dala, jika ɗaya dala 200 ce, harajinta dala 38. Wannan ita ce lambar da za ku haddace, domin da ita za ku iya bincika kowane rasit ko babu na'urar lissafi a hannunku: kowace jika, 190.

Sabulun jika ashirin ne, saboda haka za mu ɗauki 190 sau 20. Wanda ninkawa take ba shi wuya ya bi ta nan: 190 sau 10 shi ne 1 900, wato a ƙara sifiri ɗaya a ƙarshe. Jika goma ta farko 1 900, jika goma ta biyu 1 900. A tara, 3 800. Ga lambar da take layi na biyu.

Sai dai a kula da inda ake ɗaukar lissafin. Daga layin farko ake ɗauka, layin HT. Ba a ɗauka daga layi na uku. Wanda yake da wayar salula ya gwada: ya ɗauki 19 cikin 100 na 23 800, zai sami 4 522, ba 3 800 ba. Sai ya ce na'urar kanti ta yi kuskure, alhali shi ne ya ɗora haraji a kan kuɗin da tuni akwai haraji a cikinsa. Kun ga kuskuren darasi na ɗaya ne ya sake dawowa ta wata ƙofa. Layi na uku harajin yana cikinsa. Ba a ƙara masa haraji, ba a kuma lissafa haraji daga gare shi kai tsaye.

A makon jiya mutum huɗu a ajin nan sun kawo mini 4 522 ko makamanciyarta bayan na yi wannan bayani sau uku, biyu daga cikinsu kuwa suna hira lokacin da nake rubutu a allo. Ba na jin haushin wanda bai gane ba, amma wanda ya zo ya zauna yana zancen farashin raguna, shi ne gobe zai tsaya a gaban kanti yana musu da mutane a kan abin da ba a cuce shi ba. Ku goge allonku ku sake yi daga farko: layin farko, a ƙirga jikunan da ke ciki, kowace jika 190.

Idan takardar ta yage, layi na uku kaɗai ya rage, akwai hanyar komawa baya. Tun da kowace 100 ta zama 119 bayan haraji, sai a raba layi na uku da 119, abin da ya fito a ninka shi sau 100. 23 800 a raba da 119 ya ba da 200. 200 sau 100 ya ba da 20 000. Wannan hanya ta masu na'urar lissafi ce, wanda bai kai nan ba ya bar ta sai gaba.

Darasi na uku: Inda kuɗin yake zuwa

Ɗan dako ya gama ɗaure kwalaye, amma yarinyar ba ta tafi ba. Ta ce: "Malam, ka yi haƙuri da ni. Kun ce na gwamnati ne, amma ni a hannunka na sa shi, kuma a aljihun teburinku ya shiga."

Malamin ya ce gaskiyarta. Kanti ne yake karɓa, amma amana ce a hannunsa. Kantin yana da rajista a hukumar haraji ta ƙasa, wadda ake rubuta sunanta DGI, kuma tana ba kowane mai rajista lamba tasa. Ya nuna mata saman takardar, inda aka rubuta NIF da lambobi a gefe. Manyan kantuna irin wannan, duk wata suna bayyana wa hukumar abin da suka sayar da harajin da suka karɓa, su biya. Dalilin da ya sa ake ware layin ke nan a rubuce: mai saye ya san abin da ya biya na kaya da abin da ya biya na haraji, hukuma kuma ta san abin da take bin mai kanti.

Amma kantin ba 3 800 zai kai gaba ɗaya ba, kuma a nan ne ma'anar sunan harajin take, wato haraji a kan ƙarin daraja. Mu bi kwali ɗaya. A ce kantin ya saro shi daga babban dila a kan 8 000 kafin haraji. Jika takwas, kowace 190, ya biya harajin 1 520 tun a can. Ya kawo shi Zinder ya sayar a kan 10 000 kafin haraji, ya karɓi 1 900 daga hannun yarinyar. Idan lokacin biya ya yi, sai ya debe abin da ya riga ya biya daga abin da ya karɓa: 1 900 a debe 1 520, saura 380. Abin da zai kai ke nan a kan kwali ɗaya. Ku duba kuma, tsakanin 8 000 da 10 000 jika biyu ce, harajin jika biyu kuwa 190 sau 2, wato 380 ɗin nan dai. Kowa a layin ciniki yana biya ne a kan abin da ya ƙara wa kayan. Dila ya kai nasa, kanti ya kai nasa, idan aka haɗa ya zama 1 900, kuma daga aljihun mai saye na ƙarshe duk ya fito.

Kantin ba zai iya debe 1 520 ɗin nan ba sai yana da rasit na ƙwarai daga dilan, wanda aka rubuta harajin a jikinsa. Shi ya sa za ku ga manyan ƴan kasuwa suna adana takardunsu kamar kuɗi.

Darasi na huɗu: A gaban teburin Baba

Ta hau kabu-kabu ta biyo bayan kayan. A gida ta miƙa wa mahaifinta canji da takarda, ta karanta masa layukan uku. Ya ce: "Madalla. Ashe sabulun jika goma-goma ya kama, sauran lanho ne. To kwali yana da sabulu hamsin, kowane ya tashi dala arba'in ke nan. In na sayar dala arba'in da biyar na ci riba."

Ta yi shiru tana zane da alli a bayan faranti, sannan ta ce: "Baba, ba a kan jika goma ya shigo hannunmu ba. Mun biya jika goma sha ɗaya da dala ɗari da tamanin kowane kwali."

Ku yi lissafin tare da ita. 23 800 a raba gida biyu, 11 900. A raba 11 900 gida 50, kowane sabulu 238. Da layin farko aka yi lissafi da 200 za a samu, dala arba'in ɗin da Baba ya faɗa. Idan ya sayar a kan 225, yana ganin ya ci 25, alhali ya faɗi da 13 a kowane sabulu, 650 a kwali, ban da kuɗin dako. Idan ya sayar a kan 250, dala hamsin, ribarsa 12 a sabulu, 600 a kwali.

Dattijon ya tambaya ko shi ma zai iya debe harajin kamar yadda mai kanti yake yi. Amsa ita ce a'a. Ƙaramin ɗan kasuwa irinsa ba ya cikin masu karɓar TVA. Nasa harajin sana'a daban ne, wanda mutane suke kira patanti, ga kuma tikitin kasuwa da ma'aikatan magajin gari suke yanka. Tun da ba ya karɓar TVA a madadin gwamnati, ba shi da inda zai debe wanda ya biya, kuma ba shi da izinin rubuta wa wani layin TVA a takarda ya ce a ƙara masa. Harajin ya shige cikin kuɗin sarinsa ke nan.

Saboda haka mai tebur, da mai shago a unguwa, da mace mai sayar da kaya a cikin gida, idan za ku yanka farashi, layi na uku za ku duba. Na san na faɗa, zan kuma sake faɗa. Wanda za a biya, na uku. Wanda za a raba don a san kuɗin kowane sabulu, na uku. Wanda ake lissafa haraji daga gare shi, na farko. Ku rubuta waɗannan a littafinku na rubutu, ba a allo ba, don kada su goge.

Darasi na biyar: Takardun da ba su da wannan layi

Ba kowane ciniki ba ne yake da layin. Mai awon gero ko dawa a kasuwa ba zai rubuta maka TVA ba. Akwai kuma kayan da doka ta yafe musu, da waɗanda ta rage musu, saboda haka ku karanta lambar da take gaban alamar %, kada ku ɗauka 19 ce ba ku duba ba. Masu zuwa sari Kano za su ga an rubuta VAT a can, harajin iri ɗaya ne amma nasu 7.5 ne cikin 100 tun shekarar 2020, kada a yi masa lissafin 190.

Idan an rubuta TVA a takarda amma babu NIF a sama, ku tambayi mai kantin dalili kafin ku biya.

Darasi na shida: Aikin gida

An sayi bokitai, layin HT ya nuna 5 000, haraji 19%. A nemo layi na biyu da na uku.

An sayi fenti, layin HT 30 000, layin TVA 5 700. Nawa mai saye zai biya? Idan ya ba da 40 000, nawa ne canjinsa?

Wani ya ga 11 900 a layin TTC da 1 900 a layin TVA, ya ce zai biya 13 800. A faɗi kuskurensa.

Kowa ya zo da amsa ranar Litinin, tare da rasit ɗaya na gaske. Wanda bai yi tambaya ta uku ba kada ya ce mini alli ne ya ƙare.